Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin binciken kuɗi na hukumomin daraktoci: idan wanda ake ƙorafi a kansa shi ne mai gidan

Ranku ya daɗe, shugabanni da mambobin kwamiti,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ma'aikacin binciken kuɗi ne na cikin gida, irin waɗanda kuke gani sau huɗu a shekara ɗauke da fayil, mu yi bayani mu fita. Na rubuto ne a kan layin kai ƙorafi da kusan kowane kamfani yake tutiya da shi yanzu. Layin yana aiki idan direba ya saci mai ko mai tsaron sito ya karkatar da kaya. Tambayata ita ce abin da zai faru ranar da rahoton ya ambaci sunan daraktan kuɗi ko shugaban kamfanin kansa, domin a yawancin wuraren da na sani ba a gina layin don wannan rana ba.

Ku fara da tambayar da ba a cika yi a zamanku ba: idan ma'aikaci ya aika rahoto da ƙarfe goman dare, wa zai fara buɗe shi da safe? Amsar da aka saba ji ita ce shugaban sashen kula da ma'aikata, ko lauyan kamfani, ko jami'in bin ƙa'ida. Dukkansu mutanen kirki ne sau da yawa. Sai dai ku duba wanda yake sa hannu a kan ƙarin albashinsu, da wanda yake amincewa da kasafin sashensu. Idan amsar ta koma kan mutumin da ake zargi, to an ba kura ajiyar nama, ko da kuwa babu wanda ya yi niyyar haka. Jami'in ba sai ya ci amana ba. Ya isa ya ji cewa ladabi ne ya sanar da maigidansa kafin magana ta yi nisa, kuma daga wannan sanarwa komai ya lalace.

Bari in ɗauki misali guda, wanda na haɗa daga irin abin da masu sana'armu suke cin karo da shi. A wani kamfani, duk biyan da ya kai miliyan biyar sai mutum biyu sun sa hannu, wanda bai kai ba kuma daraktan kuɗi shi kaɗai ya isa. Wata akawu da ke shigar da takardun neman biya ta lura da wani ɗan kwangila da ake biya don aikin ba da shawara. Cikin wata tara an biya shi sau 14, kowane biya tsakanin miliyan 4.7 da 4.9, jimilla kusan miliyan 67, kuma ko sau ɗaya bai taɓa miliyan biyar ba. Lambobin takardunsa suna bin juna a jere, 001, 002, 003, abin da ke nuna ba shi da wani abokin ciniki sai wannan kamfani. Babu rahoton aiki ko ɗaya a fayil. Da ta duba rajistar 'yan kwangila, sai ta ga da asusun daraktan kuɗi aka shigar da sunansa, alhali wannan aikin sashen sayayya ne. Duk wannan bai zama hujjar sata ba tukuna, amma ya isa ya sa mai hankali ya yi zargi, kuma iyakar abin da ake nema daga mai kawo rahoto ke nan.

Ta shiga layin, ta rubuta ba tare da suna ba. A takarda an kare ta. A zahiri kuwa, mutum uku ne kawai a kamfanin suke iya ganin takardun biya da rajistar 'yan kwangila a tare: daraktan, mataimakinsa, da ita. Idan aka je wa darakta da tambaya a kan wannan ɗan kwangila shi kaɗai, ba ya buƙatar kowa ya gaya masa suna. Zai ƙirga da yatsu. Wannan shi ne abin da masu rubuta manufofi suke yawan mantawa, cewa abin da rahoton ya ƙunsa yakan tona mai shi fiye da sa hannu. Salon rubutu ma yana tonawa, da kalmar da mutum ya saba amfani da ita a imel, da lokacin da aka aika, da sunan da kwamfuta take liƙa wa takarda a ɓoye a matsayin wanda ya ƙirƙire ta. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 a kan kare masu fallasa ta gane wannan, shi ya sa sirrin da ta wajabta bai tsaya ga suna ba, ya haɗa da duk wani bayani da za a iya gano mutum da shi kai tsaye ko ta bayan fage.

To me ya kamata ya faru da rahoton akawun nan? Abu na farko, tsarin kansa ya karkatar da shi. Duk rahoton da ya ambaci wani daga cikin manyan shugabanni ya tafi kai tsaye ga shugaban kwamitinku da wani mamba guda wanda ba ma'aikacin kamfani ba ne, ba tare da ya bi ta hannun kowa a ofis ba. Wannan yana nufin layin ya zauna a wajen kwamfutocin kamfani, domin sashen kwamfuta yana iya buɗe duk akwatin imel na cikin gida, kuma a kamfanoni da yawa wannan sashe yana ƙarƙashin daraktan kuɗi ne. A ba mai rahoto lambar rahotonsa da kalmar sirri, yadda zai dawo ya karanta tambayoyinku ya amsa ba tare da kun san ko wane ne ba. Rahoton da ba za a iya komawa ga mai shi da tambaya ba yakan mutu a mako na farko, saboda kusan kullum akwai abin da bai faɗa ba: wane asusu, wane wata, ina takardar take.

A Amurka wannan nauyi a wuyanku doka ta ɗora shi. Dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 ta wajabta wa kwamitin binciken kuɗi na kamfanin da ke kasuwar hannun jari ya kafa hanyar karɓar ƙorafi a kan lissafi, har da wanda ma'aikaci ya aiko a ɓoye. Dalilin yana cikin abubuwa biyu da suka faru gab da dokar. A watan Agusta na 2001 Sherron Watkins, wata babbar ma'aikaciya a kamfanin makamashi na Enron, ta rubuta wa shugaban kamfanin, Kenneth Lay, tana gargaɗi a kan yadda ake ɓoye asara. Lay ya miƙa binciken ga Vinson & Elkins, kamfanin lauyoyin da ya yi aiki a kan wasu daga cikin cinikayyar da ake zargi, kuma suka dawo da cewa ba a buƙatar ƙarin bincike. A daidai wannan lokacin kuma aka nemi shawarar lauya a kan abin da zai biyo baya idan aka sallami mai irin wannan ƙorafi. Enron ya durƙushe a watan Disamba. A kamfanin sadarwa na WorldCom kuwa, a 2002, Cynthia Cooper da 'yan sashenta na bincike sun yi ta aiki da dare suna bin diddigin kuɗin gudanarwa da aka rubuta a matsayin jari, har suka gano dala biliyan 3.8. Daraktan kuɗi, Scott Sullivan, ya nemi ta jinkirta binciken. Ta wuce shi ta kai ga shugaban kwamitin binciken kuɗi, kuma kafin watan Yuni ya ƙare an kori Sullivan. Watkins ta kai magana ga wanda yake da ruwa da tsaki a ciki, Cooper kuma ta samu ƙofar da ba ta bi ta ofishin wanda take zargi ba.

Mu koma ga akawunmu. Rahoto ya iso gare ku. Kuskuren da na fi jin tsoro a nan shi ne kiran darakta don a ji ta bakinsa. Yana da haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma za a ji, amma ba yanzu ba. Kafin ya san komai sai an killace hujja: a ɗauki kwafin akwatin imel ɗinsa, da tarihin wanda ya shiga rajistar 'yan kwangila da lokacin da ya shiga, da bayanan banki na biyan 14 ɗin, da ainihin takardun. Waɗanda za su yi wannan su zama masu bincike daga waje da ba su taɓa karɓar aiki daga hannunsa ba, wanda ke nufin lauyoyin da kamfani ya saba da su ba su dace ba, haka ma oditocin da suka sa hannu a kan lissafin bara, tunda su ma za a tambaye su yadda abin ya wuce su. Kuma ku lura da wani ƙaramin abu mai kashe bincike: idan takardar biyan waɗannan masu bincike za ta bi ta teburin daraktan kuɗi, kun sanar da shi da hannunku. Kwamiti yana buƙatar kasafinsa da zai kashe ba tare da neman izinin masu gudanarwa ba.

Sannan a faɗaɗa tambayar yadda ba za ta nuna ita ba. Maimakon a nemi fayil ɗin ɗan kwangila ɗaya, sai sashen bincike ya sanar da bitar duk biyan da ya faɗo ƙasa kaɗan da iyakar miliyan biyar a cikin shekara biyu, tare da duk 'yan kwangilar da aka shigar ba ta hannun sashen sayayya ba. Wannan bita ce da kowane odita yake yi ko babu ƙorafi, kuma ɗan kwangilar namu zai fito a cikinta da kansa, tsakiyar wasu talatin ko arba'in. Idan lokacin ganawa da ma'aikata ya zo, a gana da duk 'yan sashen, ita ma a cikinsu, tsawon lokaci ɗaya da tambayoyi iri ɗaya. Kada a tsallake ta, domin wanda aka tsallake shi ake kallo. Kada kuma a taɓa tura rubutunta kamar yadda yake ga kowa, a sake rubuta zargin da kalmomin mai bincike, a cire duk abin da ita kaɗai ta sani.

Duk da haka, a ce darakta ya yi zato, kuma zatonsa ya faɗa daidai. Nan ne kalmar kariya take bukatar ma'ana, domin jumlar da ke cewa kamfani ba ya yarda da ramuwar gayya ba ta taɓa hana kowa komai ba. Babban manaja mai wayo ba ya korar mutum washegari. Zai cire ta daga taron mako. Zai karɓe mata damar shiga rajista da sunan tsaurara tsaro. Makarar minti goma da ba a taɓa magana a kai ba za ta zama takardar tuhuma. A ƙarshen shekara makin aikinta zai sauko daga mai kyau zuwa matsakaici, bayan wata takwas kuma a yi garambawul, a wayi gari kujerarta ce kaɗai aka ga ba a buƙata. Kowane mataki yana da dalilinsa a rubuce, kuma sashen kula da ma'aikata zai sa hannu da zuciya ɗaya tunda bai san ta taɓa kai rahoto ba.

Maganin da na gani yana aiki ba shi da wuya. A ranar da rahoto ya iso, idan kun san ko wace ce, a ɗauki kwafin fayil ɗinta na aiki a ajiye a wajen kamfani: makin shekarun baya, albashi, muƙami, duk wani gargaɗi idan akwai. Wannan shi ne ma'aunin da za a gwada duk abin da ya biyo baya da shi. Daga nan duk wani sauyi da zai taɓa ta, canjin wurin aiki ne ko horo ko rage alawus ko sallama, ba zai tabbata ba sai shugaban kwamitinku ya sa hannu, kuma ni da zan ba da shawara sai in ce har shekara biyu, don bi-ta-da-ƙulli yana da haƙuri. Don kada wannan sharaɗi ya zama alama a goshinta, a ɗora shi a kan sashen gaba ɗaya muddin ana bincike. A cire wanda ake zargi daga duk wata shawara a kan aikinta. Idan zama a ofis ɗaya ya gagara, shi ne zai matsa, ko a tura shi hutu har a gama. Ita ba za a ɗauke ta ba sai idan ita ta nema, domin mayar da mai rahoto wani reshe da sunan kare ta horo ne a idon duk wanda yake kallo. Wani daga cikinku kuma ya riƙa tuntuɓarta lokaci-lokaci, har bayan an rufe fayil, ya tambaye ta abin da ya canza.

Dokoki ma sun karkata nan. A ƙarƙashin dokar Turai, idan mai rahoto ya nuna ya kai rahoto kuma wani abu ya same shi, ana ɗauka ramuwa ce har sai mai aikin ya tabbatar da wani dalili na gaskiya. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 2024, a shari'ar Murray da bankin UBS, cewa ma'aikaci ba sai ya tabbatar da mugun nufi ba, ya isa ya nuna rahotonsa yana cikin abubuwan da suka jawo matakin. Ko ƙasarku ba ta da irin wannan doka, babu abin da ya hana ku rubuta ƙa'idar a manufar kamfani.

Sai maganar farautar mai rahoto, wadda ya kamata ta zama laifin kora ita kaɗai, ko zargin ya tabbata ko bai tabbata ba. A 2016 wasu wasiƙu marasa suna sun isa bankin Barclays a kan wani babban ma'aikaci da aka ɗauka. Shugaban bankin, Jes Staley, yana ganin ƙazafi ne ake yi wa abokin aikinsa, sai ya sa jami'an tsaron bankin su gano marubucin. A 2018 hukumomin kula da harkar kuɗi na Birtaniya suka ci shi tarar fam 642,430, hukumar jihar New York kuma ta ci bankin tarar dala miliyan 15. Abin lura a nan shi ne dalilin Staley. Kusan duk manajan da ya shiga farauta haka yake cewa, ƙarya ake yi kuma yana son ya san maƙaryacin. Wataƙila ma yana da gaskiya a kan ƙaryar. Amma ba shi zai yanke wannan ba, kuma ma'aikata dubu da suke kallo darasi ɗaya za su ɗauka.

Na san akwai mai cewa a cikinku, idan fa sharri ne? Yana faruwa. Akwai wanda aka hana ƙarin girma ya huce a layin. Amma hanyar da na bayyana ita ce kuma take kare daraktan da ba shi da laifi: bincike a asirce, a kan takardu, ta hannun wanda ba ya tsoronsa kuma ba ya gaba da shi. Idan ɗan kwangilar na gaske ne kuma akwai aikin da ya yi, takardu za su nuna, a rufe magana ba tare da sunan kowa ya ɓaci ba. Akawun da ta yi zargi bisa abin da ta gani ba ta yi laifi ba don zarginta bai tabbata ba. Wanda za a hukunta shi ne wanda aka tabbatar ya san ƙarya yake yi, kuma wannan hukunci ma daga gare ku zai fito. Nufin mai rahoto kuma bai shafi lissafi ba. Tana iya ƙin daraktan, miliyan 67 ɗin dai sun fita.

Ku gaya mata gaskiya a kan iyakar abin da za ku iya. Idan magana ta kai kotu, ana iya buƙatar shaidarta, kuma ba ku da ikon hana hakan, sai dai ku sanar da ita kafin sunanta ya fita. Ku gaya mata kada ta ci gaba da bincike da kanta ko ta kwashi takardu zuwa gida, don wannan shi ne abu na farko da lauyan darakta zai kama. Kada kuma ku bar ta cikin shiru. Dokar Turai ta sa kwana 7 don a shaida wa mai rahoto an karɓa, da wata 3 don a gaya masa inda aka kwana, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko'ina. Yawancin waɗanda suke kai magana ga hukuma ko 'yan jarida sun fara gwadawa a cikin gida ne suka ji tsit. Ƙofar hukuma kuma kada ku rufe ta da yarjejeniyar riƙe sirri. A 2015 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci kamfanin KBR tarar dala 130,000 saboda takardar da yake sa shaidu su sa wa hannu, wadda ta hana su yin magana a waje sai da izinin lauyoyinsa, ko da yake ba a nuna an taɓa hana wani da ita ba.

Rahoton da ake kawo muku duk wata uku, mai nuna an samu ƙorafi kaza an rufe kaza, ba zai gaya muku ko layin yana da rai ba. Idan shekara biyar ta wuce babu ƙorafi ko ɗaya a kan wani babba, ku yi zargin layin kafin ku yabi manyan. A zamanku na gaba ina roƙon ku nemi a kawo muku sunayen duk waɗanda suke iya buɗe rahoto, har da masu kula da na'urar, tare da wanda kowannensu yake ƙarƙashinsa. Ku nemi jerin waɗanda suka kai rahoto da sunansu a shekara uku da suka wuce, ku ga nawa ne har yanzu suke aiki, da yadda makinsu ya kasance kafin rahoton da bayansa. Sannan ɗayanku ya aika rahoton gwaji ba tare da suna ba, wanda ya ambaci wani babban darakta, bayan kun rubuta a tsakaninku cewa gwaji ne. Ku duba agogo ku ga yaushe ya iso gare ku, da kuma ko daraktan ya riga ku ji.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani ma'aikacin binciken kuɗi na cikin gida